Hong Kong, Guangdong ko yankin cin gashin kai: ina ya kamata ka kafa kasuwancinka a Chana?

Wani ƙanina da ya shekara biyar yana sayo kayan waya daga Guangzhou ya kira ni kwanaki yana neman shawara, wai ya gaji da biyan kuɗi ta hannun ejan, yana so ya yi rijistar kamfani nasa na kansa a can, amma an raba masa hankali uku. Wasu sun ce masa Hong Kong kawai, wasu sun ce ai tunda kayansa a Guangzhou suke to ya tsaya nan, sai kuma wani ya kawo masa maganar Ningxia, wai yanki ne mai cin gashin kansa na Musulmi, dokarsu daban, harajinsu daban, komai da sauƙi. Wannan na ukun shi ya sa na zauna na rubuta wannan, domin sunan ne yake ruɗar mutanenmu, kuma ruɗin yana cin kuɗi.

Mu da muka taso a Najeriya idan aka ce jiha, abin da ke zuwa mana a rai shi ne gwamnan da mutane suka zaɓa, da majalisar da za ta iya yin dokar da Abuja ba ta so, kamar yadda Zamfara da Kano suka ƙaddamar da shari'a a 2000. To lardin Chana ba haka yake ba, ya fi kusa da jihohin Nijar inda ake naɗo gwamna daga Yamai. Chana ƙasa ce dunƙulalliya, iko daga Beijing yake gangarowa, duk abin da ka ga wani yanki yana da shi to ba shi aka yi. Akwai larduna 22 da take mulka (tana lissafa Taiwan a matsayin na 23), da manyan birane 4 da ke ƙarƙashin gwamnatin tsakiya kai tsaye, da yankunan cin gashin kai 5, wato Mongoliya ta Gida, Xinjiang, Guangxi, Ningxia da Tibet, sai yankunan mulki na musamman 2, Hong Kong da Macau.

Ni dai ma'aunina a nan tambayoyi huɗu ne, kuma su nake so ka riƙe ko da wani wuri aka kawo maka ba Chana ba. Wa ke riƙe da ƙofar shiga, wato biza da kwastan? Wane kuɗi ake kashewa, kuma za ka iya fitar da shi ranar da ka ga dama? Idan rigima ta taso wace kotu ce za ta yi magana ta ƙarshe? Sannan harajin, wa ke yanka shi, ina yake tafiya? Bayan waɗannan sai mu duba tsada, da sauƙin aiki, da kuma ko tsarin zai daɗe ko kuwa wata rana za a wayi gari an canja shi.

Lardi na gama-gari: Guangdong ko Zhejiang

Bari in fara da wanda kowa ya sani. Guangzhou tana lardin Guangdong, Yiwu tana lardin Zhejiang, kuma duk wanda ya taɓa zama a unguwar Xiaobei ta Guangzhou ya san yadda abin yake, ka sauka dole a yi maka rijista wajen ƴan sanda cikin awa 24, idan otal ne su za su yi maka, idan gidan wani ka sauka kai za ka je da kanka. Wannan ba dokar Guangdong ba ce, dokar ƙasa ce. Haka biza, haka kwastan, haka kuɗin yuwan, haka dokar kamfani. Majalisar lardi tana iya yin ƙa'idojinta na cikin gida matuƙar ba su ci karo da na ƙasa ba, kuma tana aika su Beijing ne don a ajiye a sani, amma ba ta da ikon taɓa ko ɗaya daga cikin abubuwa huɗun da na lissafa.

Baƙo yana iya mallakar kamfani ɗari bisa ɗari a nan, dokar zuba jarin baƙi da ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2020 ce ke tafiyar da abin. Sai dai kana buƙatar ofis na gaske mai takardar haya da hukuma ta amince da ita, ba adireshin aro ba, da akanta da zai riƙa shigar da bayanan haraji a kai a kai ko ka yi ciniki ko ba ka yi ba. Kuma tun 1 ga Yuli 2024 jarin da ka rubuta a takarda dole ka zuba shi cikin shekara biyar, don haka kar wani ya zuga ka ka rubuta miliyan biyar don burgewa alhali dubu ɗari uku gare ka.

Harajin riba na asali kashi 25 cikin ɗari ne, harajin sayen kaya kuma kashi 13 a kan yawancin kaya. Amma ga abin da masu tallar Hong Kong ba sa faɗa: ƙaramin kamfani da ribarsa ba ta wuce yuwan miliyan 3 a shekara ba, ma'aikatansa ba su wuce 300 ba, kadarorinsa ba su wuce miliyan 50 ba, kashi 5 kawai yake biya a rangwamen da aka tsawaita zuwa ƙarshen 2027. Sannan kamfanin da ke da rijistar fitar da kaya yana iya neman a mayar masa da harajin sayen kayan da ya fitar, muddin masana'anta ta ba shi rasitin haraji na gwamnati, wanda can ake kira fapiao. Duk ɗan kasuwar da ya daɗe ya san tambayar nan ta "da fapiao ko ba fapiao" domin farashin biyu ne.

Inda matsalar take shi ne kuɗi. Yuwan ba ya fita yadda ka ga dama, kowace dala da za ta shiga ko ta fita sai banki ya ga takardun da suka nuna dalili, kwantaragi, rasit, takardar kwastan. Ribarka kuwa sai an rufe lissafin shekara an biya haraji sannan ka fitar, kuma idan kamfanin waje ne ya mallaki naka ana cire kashi 10 kafin ta tafi. WhatsApp da Google ba sa aiki kai tsaye, wannan ma kowa ya sani.

Yankin cin gashin kai: Ningxia, Guangxi da sauran

To a nan nake so in daɗe. Ka ciro takardar yuwan daga aljihu ka juya bayanta, can sama a gefe za ka ga sunan babban bankin ƙasar an rubuta da rubutu iri-iri, na Mongol, na Tibet, na Uigur mai kama da ajaminmu, da na Zhuang. Takardar ɗaya ce, bankin ɗaya ne, harsunan ne suka bambanta. Kusan haka cin gashin kan yake.

An kafa waɗannan yankuna ne saboda ƙabilun da ba Han ba, Han ɗin su ne ƙabilar da ta fi yawa a ƙasar. Mongoliya ta Gida tun 1947, Xinjiang 1955, Guangxi da Ningxia 1958, Tibet 1965, sannan aka yi musu dokar cin gashin kan ƙabilu a 1984, aka gyara ta a 2001. Abin da dokar ta ba su na gaske ne a takarda: shugaban gwamnatin yankin dole ya fito daga ƙabilar da aka yi yankin dominta, suna iya amfani da harshensu a aikin hukuma, kuma suna iya sassauta wata dokar ƙasa ta dace da al'adarsu. Misalin da aka fi sani shi ne shekarun aure, dokar ƙasa ta ce namiji 22 mace 20, amma wasu daga cikin yankunan sun taɓa saukar da shi zuwa 20 da 18 ga ƴan ƙabilunsu.

Amma ka lura da abu biyu. Na farko, mutumin da ya fi kowa iko a kowane yanki na Chana ba gwamna ba ne, sakataren jam'iyyar kwaminis ne, kuma dokar ba ta ce shi ma ya fito daga ƙabilar ba, yawanci ma ɗan Han ake turowa. Na biyu, kuma shi ne wanda ya fi ba ni mamaki lokacin da na fara fahimtarsa, ƙa'idar cin gashin kai da majalisar yankin ta yi ba ta fara aiki sai zaunannen kwamitin majalisar ƙasa a Beijing ya amince, alhali lardi na gama-gari nasa ƙa'idojin sanarwa kawai yake yi. Kenan a daidai wurin da ake cewa sun fi lardi ƴanci, a nan ne sai sun jira izini.

Yanzu mu ɗora tambayoyinmu huɗu. Biza ta Chana ce, wacce ka shiga Guangzhou da ita ita za ka shiga Yinchuan babban birnin Ningxia da ita, Tibet ma sai baƙo ya nemi ƙarin izini na musamman, wato ƙofar ta fi ƙunci. Kwastan na ƙasa ne. Kuɗi yuwan ne da duk ƙa'idojinsa. Kotun ƙarshe tana Beijing. A uku daga cikin huɗu babu bambanci ko na ƙwayar zarra da Guangdong.

A haraji ne kaɗai akwai ɗan abin kamawa, kuma shi ma sai an warware shi domin abu biyu ake haɗawa a sayar wa mutum a matsayin ɗaya. Akwai rangwamen raya yammacin ƙasar, kashi 15 maimakon 25, wanda aka tsawaita zuwa ƙarshen 2030. Duk yankunan biyar suna ciki, gaskiya ne, amma Sichuan da Yunnan da Gansu ma suna ciki kuma larduna ne na gama-gari, don haka ba cin gashin kai ya kawo shi ba. Kuma ba kowa ake ba ba, sai sana'arka tana cikin jerin waɗanda gwamnati ke ƙarfafawa a wannan yankin kuma ita ke kawo aƙalla kashi 60 na kuɗin shigarka. Wanda ke sayen caja da batir ya cika kwantena ya tura Apapa da wuya ya shiga wannan layin.

Abu na biyun shi ne ainihin ikon cin gashin kai. Harajin riba ana raba shi, kashi 60 na Beijing, 40 na yanki, to dokar harajin kamfanoni ta yarje wa yankunan cin gashin kai su yafe nasu kason ko su rage, lardi na gama-gari ba shi da wannan damar. Shi ya sa za ka ji ana cewa a wasu wurare na Guangxi haraji kashi 9 ne, lissafin shi ne 15 ɗin nan, 9 na Beijing, 6 na yanki, yanki ya yafe nasa. Na Beijing kuwa ba mai taɓa shi. Kuma irin wannan yafiya tana da wa'adi, tana da sharaɗi, wanda ya ba da ita yana iya janyewa.

Sai maganar addini, tunda ita aka yi wa ƙanina talla da ita, kuma ba zan ɓoye ba abin yana taɓa ni. Ningxia yankin ƴan Hui ne, Musulmi ne, wajen kashi ɗaya cikin uku na mutanen yankin, abincin halal ko'ina, masallatai da yawa, mutanen kirki ne masu karɓar baƙo. Amma daga wajen 2018 an bi ana sauke ƙubbobin masallatai ana cire rubutun Larabci daga allunan shaguna, har mutanen garin Weizhou suka yi zaman dirshan a watan Agusta na wannan shekarar don kare babban masallacinsu. Cin gashin kan bai hana ba. Xinjiang kuwa tsaron da ke can ya fi na kowane lardi tsanani, kuma tun Yuni 2022 Amurka tana ɗaukar duk kayan da ke da alaƙa da yankin a matsayin na aikin tilas sai ka kawo hujjar akasin haka, wanda ke da kwastoma a can ya sani.

Yankin mulki na musamman: Hong Kong

Wani abokin tafiyata ya taɓa shiga Guangzhou da biza mai shiga sau ɗaya, ranar Juma'a ya ce bari ya leƙa Hong Kong ya ga wani mai kaya ya dawo Lahadi tunda jirgin ƙasa mai sauri wajen awa ɗaya ne, a tunaninsa kamar mutum ya tashi daga Kano ya je Kaduna. Allah ya taimake shi wani ya tare shi kafin ya sayi tikiti. Mai fasfon Najeriya yana buƙatar bizar Hong Kong daban, ta Chana ba ta aiki a can, sannan da zarar an buga maka hatimin fita to bizarka mai shiga ɗaya ta ƙare, ga kayanka a sito a Guangzhou ga ka a waje. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa nan bambancin ba na suna ba ne. Kana tsallakawa motoci sun koma tafiya ta hannun hagu, WhatsApp ɗinka ya fara ƙara, kuɗin da za a ba ka canji dalar Hong Kong ce wadda bankuna uku ke bugawa kowanne da zanensa.

Tushen abin sashe na 31 ne na tsarin mulkin Chana na 1982, sai yarjejeniyar Chana da Birtaniya ta 1984, sai Babbar Dokar Hong Kong da aka zartar a 1990 ta fara aiki ranar 1 ga Yuli 1997. Dokar ta bar wa Beijing tsaro da harkokin waje, sauran kusan duka ta bar su a Hong Kong. Shige da fice nasu ne. Kwastan nasu ne, har kujera gare su daban a ƙungiyar ciniki ta duniya, kuma tasha ce da ba a karɓar kuɗin fito sai a kan abu huɗu, giya, taba, man fetur da dangoginsa, da wani nau'in sinadarin barasa na masana'antu. Dalarsu an ɗaure ta da dalar Amurka tun 1983, tana yawo tsakanin 7.75 da 7.85, kuma Babbar Dokar da kanta ta hana a sa takunkumi a kan fitar da kuɗi. Harajin da suka tara ko sisi ba ya zuwa Beijing. Shari'arsu irin ta Ingila ce wadda lauyan Najeriya zai karanta ya gane, ana yi da Turanci, kuma kotun ƙarshe tana nan cikin garin.

Kafa kamfani ya fi ko'ina sauƙi. Ba a buƙatar ka zauna a can, darakta ɗaya ɗan kowace ƙasa ya isa, sai sakataren kamfani da ke zaune a Hong Kong da adireshin ofis a can, waɗanda kamfanonin hidima ke bayarwa ana biyansu duk shekara. Kuɗin gwamnati na rijista da lasisin shekarar farko bai kai dalar Hong Kong dubu biyar ba, takardu kan fito cikin ƴan kwanaki. Babu harajin sayen kaya. Harajin riba kashi 8.25 ne a kan miliyan 2 na farko, 16.5 a kan abin da ya haura, kuma a ƙa'ida ribar da aka samo a wajen Hong Kong ba a taɓa ta, sai dai wannan ba ya zuwa haka kawai, sai ka nema ka kuma tabbatar da takardu inda aka ƙulla cinikin.

Wahalar tana wuri biyu. Na farko asusun banki, rijista kwana kaɗan amma asusu yana iya cin watanni ko ma a ƙi ka gaba ɗaya, domin bankunan suna tsananta bincike a kan kuɗin da ke fitowa daga yankinmu, za su nemi kwantaragi, rasitai, takardun jirgin ruwa na baya, da bayanin inda jarinka ya fito. Wanda ya shekara biyar yana ciniki ta hannun ejan ba takarda ko ɗaya da sunansa, nan zai gane kurensa, shi ya sa na ce wa ƙanina ya fara tara takardu da sunansa tun yanzu ko ina zai zaɓa. Kuma duk shekara dole akanta mai lasisin Hong Kong ya binciki lissafinka, ko ribar kaɗan ce, wannan kuɗi ne da ba ya yankewa.

Na biyu, kuma shi ne kuskuren da na fi gani: kamfanin Hong Kong a idon Guangdong kamfanin waje ne. Ba ya ba ka takardar zama a Guangzhou, ba ya ba ka damar ɗaukar ma'aikata kai tsaye ko buɗe shago a can, ba ya iya ba da fapiao, ba ya karɓar harajin da ake mayarwa na fitar da kaya. Rijistar ma ba ta ba ka izinin zama a Hong Kong ɗin kanta ba, wannan wata biza ce daban.

Batun ɗorewa kuwa dole a faɗi gaskiya. Alƙawarin shekara 50 ne, zai cika a 2047. Ikon fassara Babbar Dokar yana hannun zaunannen kwamitin majalisar ƙasa a Beijing ƙarƙashin sashe na 158, kuma sun yi amfani da shi ba sau ɗaya ba. Ranar 30 ga Yuni 2020 Beijing ta kafa wa yankin dokar tsaron ƙasa da kanta, a 2021 aka sauya tsarin zaɓe, a Maris 2024 majalisar Hong Kong ta ƙara tata dokar tsaron. Ta ɓangaren siyasa da jarida filin ya matse sosai. Ta ɓangaren kuɗi, kwastan, haraji da shari'ar kasuwanci tsarin yana nan yana aiki, amma wanda zai ɗaure dukiya ta shekara ashirin a can ya san cewa a ƙarshe maganar Beijing ce a sama.

Macau ba zan daɗe a kanta ba. Matsayinta ɗaya da Hong Kong, ta dawo hannun Chana ranar 20 ga Disamba 1999, wa'adinta 2049, kuɗinta pataka, shari'arta ta samo asali daga Fotugal, tattalin arzikinta ya dogara da caca da yawon buɗe ido, kuma ɗan Najeriya sai ya nemi biza tun kafin ya taso. Ban ga abin da mai kwantena zai je nema a can ba. Shenzhen ita ma kar sunanta ya ruɗe ka, yankin tattalin arziki na musamman ce tun 1980, ba yankin mulki na musamman ba, gari ne a cikin Guangdong, bizarta, kuɗinta da kotunta duk na babban yankin Chana ne, irin na Guangzhou.

| Ma'auni | Lardi (Guangdong) | Cin gashin kai (Ningxia, Guangxi) | Mulki na musamman (Hong Kong) |
|---|---|---|---|
| Biza da kwastan | na ƙasa | na ƙasa | nasu daban |
| Kuɗi | yuwan, fita sai da takardu | yuwan, fita sai da takardu | dalar Hong Kong, ba takunkumi |
| Kotun ƙarshe | Beijing | Beijing | Hong Kong, fassarar Babbar Doka a Beijing |
| Harajin riba | 25, ƙarami 5 | 25, ƙarami 5, wasu 15 ko 9 | 8.25 sannan 16.5 |
| Harajin sayen kaya | 13 a yawancin kaya | 13 a yawancin kaya | babu |
| Sauƙin rijista | sai ofis da jari | haka, ga nisa da kasuwa | da sauƙi, banki ne wuya |
| Babban haɗari | kuɗi ya maƙale | rangwame ya ƙare | ƙin asusu, makomar 2047 |

Mu gwada da lissafi

A ce ribar shekara miliyan 3 ce cif, mu bar kowane wuri da kuɗinsa tunda yuwan da dalar Hong Kong ba su yi wa juna nisa sosai ba. A Hong Kong miliyan 2 na farko za ka biya 165,000, miliyan ɗayan da ya rage shi ma 165,000, jimla 330,000. A Guangzhou idan ka cika sharuɗɗan ƙaramin kamfani 150,000 za ka biya, ƙasa da rabi, kuma haka za ka biya a Yinchuan ko Nanning babban birnin Guangxi ba ƙari ba ragi sai in yankin ya yafe kasonsa. Kaga a wannan matakin maganar "Hong Kong ta fi arhar haraji" ba ta tsaya ba.

Yanzu a ce Allah ya buɗa ribar ta zama miliyan 3 da dubu 200. A Hong Kong ƙarin kaɗan ne, 363,000. A Guangzhou ka fita daga layin ƙanana, kuma ba a kan rarar kaɗai za a caje ka ba, duka ribar ce za ta koma kashi 25, wato 800,000. A Guangxi idan sana'arka ta shiga jerin nan na kashi 15 za ka biya 480,000, idan kuma kana wurin da aka yafe kason yanki 288,000, in ba ka shiga ba 800,000 kamar kowa. Wannan tsallen daga 150,000 zuwa 800,000 saboda ƙarin dubu 200 shi ne abin da nake so mai tasowa ya sa wa ido tun kafin ya kai wurin.

Akwai kuma abin da lissafi ba ya nunawa, ranar da masana'anta ta turo maka kwantena ba irin samfurin da kuka yi magana a kai ba. Idan kwantaraginku ya ce za a yi sulhu a cibiyar sasanci ta Hong Kong, akwai yarjejeniya tsakanin Hong Kong da babban yankin da ke sa a iya zartar da hukuncin a babban yankin, kuma tun 2019 kana iya roƙon kotun babban yankin ta riƙe kadarorin wanda kake ƙara kafin a gama. Wannan ba sai kana da kamfani a Hong Kong ba, layi ɗaya ne a kwantaragi, sai dai kuɗin shari'ar yana da nauyi, bai dace da rigimar dala dubu goma ba.

To wa ya dace da wanne

Idan kana zaune a Kano ko Maraɗi, kana da masu kaya biyu ko uku da ka yarda da su, kana zuwa baje kolin Canton da ake yi a Guangzhou a Afrilu ko Oktoba ka dawo, kuma abin da ke damunka shi ne yadda za ka karɓi dala ka biya dala da sunan kamfaninka, Hong Kong ce taka, amma ka fara tambayar banki kafin ka biya kuɗin rijista, in asusu bai samu ba takardar ado ce kawai kuma kana biyan kuɗinta duk shekara.

Idan kai ne ke zama a can wata tara a shekara, kana da sito, kana tara kayan mutane kana lodi, kana son takardar zama ta aiki da ma'aikata na halas da harajin da ake mayarwa, to lardi, Guangzhou ko Yiwu, ya danganta da irin kayanka. Wanda cinikinsa ya yi girma har yana tsallake miliyan 3 ɗin nan yakan haɗa biyu ne, kamfanin Hong Kong ya mallaki na Guangdong, a nan harajin fitar da riba yana iya sauka daga 10 zuwa 5 idan na Hong Kong ɗin yana riƙe da aƙalla kashi 25 kuma yana da aiki na gaske ba adireshi kawai ba, amma ka sani akanta biyu za ka riƙa biya.

Yankin cin gashin kai kuwa ka je ne idan kayan da kake nema a can suke. Guangxi tana da iyaka da Biyetnam, ita kaɗai ce a cikin biyar ɗin take da bakin teku, da tashoshi irin su Qinzhou, kuma a Nanning ake baje kolin Chana da ƙasashen kudu maso gabashin Asiya tun 2004, mai niyyar kafa ƙaramar masana'anta ko sarrafa kaya yana iya zama da akanta ya duba ko zai shiga kashi 15 ko 9, ya kuma nemi a nuna masa takardar da ranar ƙarewarta. Ningxia ba ta da teku, duk kwantena sai ta yi doguwar tafiya ta ƙasa kafin ta ga jirgin ruwa. Ƙanina kayan waya yake saye kuma yana zaune a Kano, don haka na ce masa ya bar Ningxia sai ranar da zai kai ziyara, wannan shekarar ya sa masu kayansa su riƙa rubuta rasit da takardar lodi da sunansa, in sun taru na wata shida sai mu nemi bankin da zai duba su.